Ƙafafun Baba na raɗaɗi da dare kuma sun sage, shin duk laifin suga ne?

Ummu_Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan mahaifina, shekararsa 63, muna Tudun Wada. Shekara 9 ke nan da aka gano yana da ciwon suga, kuma tun lokacin metfomin yake sha, 1000 da safe 1000 da dare. Tun bayan babbar sallah yake kukan tafin ƙafarsa na raɗaɗi kamar an goga masa barkono, musamman in ya kwanta. Ko zanin gado ya taɓa yatsun sai ya ce a ɗauke. Abin da ya ɗaure mini kai, ƙafar da ke zafin nan ita ce kuma ba ta jin taɓi. Takalminsa ya taɓa zamewa a hanyar masallaci bai sani ba sai da yara suka nuna masa. Yanzu in ya fito sallar asuba sai yana dafa bango, wai in babu haske ba ya sanin inda ya ajiye ƙafa. Duk wanda muka gaya wa sai ya ce ai suga ne, haka yake yi, a yi haƙuri. To amma sugansa bai hau ba, gwajin da muke yi a gida da safe tsakanin 110 zuwa 140 yake tsayawa. Akwai wani abin da ya kamata a duba, ko dai haƙurin ne?

AbuSadiq_Samaru: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Baban_Khalifa: Amin. Wannan sanyi ne ya shige shi 'yar'uwa. Ki dafa ruwa da gishiri da citta ya riƙa tsoma ƙafar kafin ya kwanta, in da hali a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Kawuna haka aka yi masa ya ji dama.

Nas_Talatu: Don girman Allah Ummu Haidar kar ki yi wannan. Baban Khalifa ka yi haƙuri, ba don in ƙaryata kawunka ba, amma ka sake karanta abin da ta rubuta: takalmi ya fita daga ƙafarsa bai ji ba. Wanda bai ji wannan ba, ba zai ji ruwa na ƙona shi ba. Ina aikin wankin ciwo, kuma duk lokacin hunturu sai an kawo mana dattawa masu suga da suka kara ƙafa a kaskon gawayi suka yi barci, ko aka tsoma musu a ruwan zafi, fata ta saɓule. Ƙaho da tsaga kuwa buɗe ƙofar ciwo ne a ƙafar da ba ta saurin warkewa. In za a wanke masa ƙafa, ki fara sa gwiwar hannunki a ruwan, in kin ji ɗumi kawai ba zafi ba, shi ke nan.

Baban_Khalifa: To na ji. Kawun nawa dai ba mai suga ba ne.

MaiKemis_PZ: Wannan a bayyane yake, suga ne ya taɓa jijiyoyi. Kullum muna ganin irinsu a shago. A ba shi firegabalin 75 da dare da ƙwayoyin bitamin B masu ƙarfi, cikin mako guda zai yi barci. Gwaji duk ɓata kuɗi ne, shekara 9 da suga ai an san dawan garin.

Dakta_Gyallesu: Assalamu alaikum. Mai kemis ya faɗi rabin gaskiya. Lalacewar jijiya daga suga ita ce abin da ya fi yawa, kusan rabin masu ciwon sukan gamu da ita in shekaru suka ja, kuma yadda ta bayyana raɗaɗin ya yi kama da ita: ƙafa biyu tare, daga yatsu ya faro yana haurowa sama, ya fi tsanani da dare. Amma a asibiti ba ma ɗora wa suga laifin sai mun kawar da sauran abubuwan da ke kawo irin wannan, domin wasunsu suna da magani na gaske, in aka yi sake da su kuma jijiyar ta tafi ke nan.

Malama Ummu Haidar, ki amsa mini waɗannan. Ƙafa biyun daidai suke ko ɗaya ta fi? Hannu ya fara? Ban da metfomin, me yake sha kullum, har da wanda ya saya da kansa? Yaya cin namansa, kifi, ƙwai da nono? Ya taɓa shan maganin tarin fuka? Yaushe aka yi masa HbA1c, wato gwajin matsakaicin suga na wata 3, kuma nawa ya nuna? Sannan likitan ido ya taɓa cewa suga ya taɓa idonsa?

Ummu_Haidar: Na gode Dakta. Duka biyun ne, ya kai wajen idon sawu. Kwanan nan yana cewa kan yatsun hannunsa ma suna masa wani iri in yana jan carbi. Yana shan amlodifin na hawan jini, sai omefirazol da yake saya saboda olsa, ya fi shekara 4 yana sha kusan kullum. Nama gaskiya ya rage sosai, haƙoransa sun zube kuma an ce masa mai suga ya guji nama. Tuwon dawa da miyar kuka ne yawanci, sai wake. Tarin fuka bai taɓa yi ba. HbA1c wata 3 da suka wuce 7.1 ne. An duba idonsa bara an ce babu komai sai yanar ido da ta fara.

Dakta_Gyallesu: To, ban ga Baba ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma abin da kika faɗa ya sa dole a auna bitamin B12 a jininsa.

Ga dalili. Metfomin magani ne mai kyau, amma yana rage yadda hanji ke tsotsar B12. Ba a ganin illar da wuri saboda hanta tana da ajiyar da kan kai shekara 3 zuwa 5, sai ajiyar ta ƙare sannan matsala ta fito. Shi ya sa wanda ya haura shekara 4 yana sha, musamman 2000 a rana irin na Baba, ake son a riƙa duba masa lokaci lokaci. Omefirazol kuma yana kashe tsamin ciki, alhali tsamin ne ke raba bitamin ɗin daga abinci. Sai ga shi B12 daga abin da ya fito daga dabba kawai ake samunsa: nama, hanta, kifi, ƙwai, nono. Babu shi a dawa, babu a kuka, babu a wake. Kin ga hanya uku sun toshe masa lokaci guda.

Abu biyu a labarinki sun fi tsaya mini. Na farko yatsun hannu. A lalacewar jijiya ta suga, sagewar kan hauro har kusan gwiwa kafin hannu ya fara. In hannu ya shiga alhali ƙafa tana idon sawu, muna zargin akwai wani abu daban. Na biyu dafa bangon nan da asuba. Akwai jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take ba tare da mutum ya kalla ba, suna bi ta bayan lakar gadon baya, kuma rashin B12 yana kama su da wuri. Da rana ido na taimaka masa, in duhu ya yi sai abin ya fito. Suga ma yana iya kawo haka, amma galibi bayan ya daɗe yana ɓarna, kuma sau da yawa za ki tarar ya taɓa ido ko ƙoda. Shi ga idonsa lafiya, ga HbA1c 7.1.

MaiKemis_PZ: To Dakta ai maganata ke nan, na ce a ba shi bitamin B. Mene ne amfanin gwajin in maganin ɗaya ne?

Dakta_Gyallesu: Ba ɗaya ba ne malam. In ya fara shan bitamin yau aka ɗebi jini jibi, sakamakon zai iya fitowa lafiya, a ce ba shi ba ne, ya daina sha bayan wata guda, jijiya ta ci gaba da lalacewa. A ɗebi jinin tukuna. Sannan ƙananan ƙwayoyin bikwamfiles na kasuwa B12 ɗin cikinsu kaɗan ne ƙwarai, wasu ma babu, ba za su cike gurbin wanda hanjinsa ba ya tsotsa ba. Masu ƙarfin kuma da yawansu cike suke da B6, kuma B6 in aka daɗe ana shansa da yawa, wata da watanni, shi kansa yana kawo sagewar ƙafa. Na ga wanda ke ƙara ƙwaya saboda ƙafa na ƙara sagewa, ashe ƙwayar ce. Ka riƙa duba bayan kwali kafin ka miƙa wa mutum ya yi ta sha ba iyaka.

Hajiya_Kofar_Doka: Ni ma ƙafata kumbura take yi tun da aka canza mini maganin hawan jini, in na danna sai yatsa ya lotsa. Shi ma B12 ɗin ne Dakta?

Nas_Talatu: Hajiya naki daban ne, kumburi ne ba sagewa ba. In amlodifin aka ba ki yana yin haka, amma zuciya da ƙoda ma suna yi. Ki koma wurin wanda ya rubuta miki, kar ki daina sha da kanki.

Hajiya_Kofar_Doka: To 'yata, Allah Ya yi albarka.

Injiniya_Kwangila: Ni nawa labarin ya sha bamban, amma bari in faɗa ko zai amfani wani. Ina da suga, kuma shekarun baya na yi tarin fuka, aka ɗora ni kan maganin wata 6. Wajen wata na biyu ƙafata ta fara raɗaɗi, da hannuna. Na ɗauka suga ne na ƙara matse abinci har na rame. Da na koma karɓar magani na yi wa ma'aikaciyar ƙorafi, sai ta tambaye ni ina 'yar ƙaramar ƙwayar da ake haɗawa da shi. Ashe cikin magungunan akwai aisoniyazid, shi ke cinye B6, kuma mai suga ya kamata a haɗa masa firidoksin, wato B6 ɗin, tun ranar farko. Da na fara sha abin ya lafa sannu a hankali. Har yanzu babban yatsana na dama bai dawo daidai ba.

MaiKemis_PZ: Kun gani ko? B6 ɗin da aka ce yana ɓarna shi ya warkar da Injiniya.

Dakta_Gyallesu: Haka ne, saboda shi rashinsa yake da shi, kuma na rigakafin bai wuce miligiram 10 zuwa 25 a rana ba. Wanda ba ya rashinsa ya riƙa shan ɗaruruwa kullum, wannan ne matsalar. Tun da Injiniya ya kawo maganar magunguna, a ƙara da filajil. Mutanenmu da sun ji ciki ya murɗa sai su saya. Na kwana 5 ko 7 ba ya yin komai yawanci, amma wanda ke sha mako da makonni yana iya samun raɗaɗin ƙafa daga gare shi. Giya ma haka, kuma likita in ya tambaya a gaya masa gaskiya, ba don ya tona asiri yake tambaya ba.

Ummu_Haidar: Dakta to in mun je asibitin koyarwa na Shika me zan ce a yi masa? Ina tsoron mu je a duba suga kawai a sallame mu.

Dakta_Gyallesu: Ki gaya wa likitan abin da kika gaya mana, musamman shekarun metfomin, omefirazol, hannu da tangaɗin cikin duhu. Ki zuba duk magungunansa a leda ki tafi da su. Baba ya cire takalmi da safa tun kafin a ce masa, don a tuna a duba ƙafar. Za a taɓa tafin da wani siririn zaren roba mai nauyin giram 10 yana rufe da ido, a ɗora masa ƙarfe mai kaɗawa a ƙashin babban yatsa, a buga bayan idon sawu, a laluba bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu. Duka bai fi minti 5 ba.

A takardar gwaji ki duba ko akwai FBC na ƙwayoyin jini, B12, gwajin ƙoda da ake rubuta E/U/Cr, da TSH. TSH na maƙoƙo ne, domin in wannan halittar ta wuya ta yi sanyi tana kawo sagewa da kasala da jin sanyi, kuma ƙwaya ɗaya da safe ke gyara ta. Ƙoda kuwa in ta gaza sosai dattin jini na taɓa jijiya, kuma da sakamakonta ake sanin ko metfomin da firegabalin sun dace da shi da nawa za a ba shi. In likita ya ce a yi gwajin ƙanjamau kar ranku ya ɓaci, yana cikin abin da ake dubawa ga kowa mai irin wannan. In duk aka duba ba a ga komai ba kuma abin na ci gaba, akwai wani gwajin furotin na jini da ake yi wa dattawa, likitan zai san lokacinsa.

In kuɗi bai kai a yi duka rana ɗaya ba, a wurin Baba ni B12 da ƙoda zan sa a gaba.

Malam_Danmagaji: Dakta ni ƙafa ɗaya ce, ta hagu. Ba ta raɗaɗi sosai in ina zaune, amma in na taka daga gida zuwa bakin titi sai sha-raɓata ta ƙulle, in na tsaya minti biyu ta saki. Kwanan nan da dare yatsun ke zugi, sai na sauko da ƙafar daga gado ta yi lilo sannan in samu barci. Ina da suga shekara 12, kuma ina shan taba, ba zan ɓoye ba. B12 ɗin zan saya?

Dakta_Gyallesu: A'a Malam. Naka ya fi na Baba gaggawa. Wannan ba kamar jijiyar ji ba ne, ya fi kama da hanyar jini ta tsuke. Ciwon da tafiya ke tayarwa tsayawa ta kwantar, da zugin da ke lafawa in an sauke ƙafa ƙasa, alama ce jini ba ya isa. Ka taɓa ƙafafun biyu, za ka iya jin ta hagun ta fi sanyi. Ka je asibiti cikin makon nan a auna bugun jinin idon sawu a gwada da na hannu. In ka ga yatsa ya fara baƙi, ko wani ciwo ya fito, ko ƙafar ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, a ranar za ka tafi, ko da dare ne. Kar ka gasa ta. Tabar kuma ita ce babban abin da ke hannunka.

Malam_Danmagaji: Innalillahi. To gobe in sha Allahu.

Nas_Talatu: Tun da an zo kan ƙafa ɗaya, akwai abin da mutane ba sa son a ambata: kuturta. Ba ta ƙare ba. In sagewar wuri guda ce ba ƙafa biyu daidai ba, ga wani tabo a fata mai haske ko ja-ja wanda ba ya jin taɓi, ba ya ƙaiƙayi, a je a duba. Mu a nan ma mun yi sa'a ga cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye. Maganin kyauta ne, wata 6 ko 12, kuma in an kama da wuri yatsa ko ɗaya ba ya tafiya. Samun suga ba ya hana mutum samun wata cutar.

AbuSadiq_Samaru: Ciwon baya fa? Yayana daga ƙugu yake jin abu na tsarga masa har yatsa.

Nas_Talatu: Shi ma yana yi, amma yawanci gefe ɗaya ne kuma daga sama yake saukowa, tari ko sunkuyo na tayar da shi. In ya haɗu da kasa riƙe fitsari ko ƙafa ta rasa ƙarfi yana jan ta, asibiti nan take.

Gwaggo_Asabe: Ni dai zogale da garin hulba nake sha, kuma ina ƙunshi da lalle, yana sanyaya mini tafin ƙafa. Shekarata 7 da suga ban taɓa zuwa an taɓa ni da zaren roba ba.

Nas_Talatu: Gwaggo zogale a abinci ba laifi. Lallen ne nake ɗan jin tsoro, domin in ƙafa ta yi baƙi da shi ba a ganin ja ko ƙaramin ciwo da wuri, kuma wanda ake haɗawa da sinadarin baƙi yana ƙona fatar wasu. Zaren kuwa ki daure ki je, sau ɗaya a shekara ne. Akwai waɗanda ba sa jin raɗaɗi ko kaɗan amma ƙafar ta riga ta sage, su ne ma suka fi samun gyambo don babu abin da ke gargaɗinsu.

Gwaggo_Asabe: Lallen gargajiya nake yi ni, na ganye. Ba zan bari ba gaskiya, amma zan je a duba.

Ummu_Haidar: Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Mun je an duba Baba. Zaren bai ji shi a yatsu ba, ƙarfen mai kaɗawa ma bai ji ba har idon sawu, bugun jini kuma an ce lafiya lau duka ƙafa biyun. Sakamako ya fito: B12 148 pg/mL, TSH daidai, ƙoda an ce ta ɗan ja baya kaɗan amma ba abin tsoro ba. Abin mamaki jininsa bai yi ƙasa ba, PCV 38. An rubuta masa allurar B12 1000, kullum na mako guda, sannan mako-mako sau 4, sannan wata-wata. An ce ya ci gaba da metfomin, omefirazol kuma a daina shan kullum sai an sake duba cikin. Don raɗaɗin an ba shi firegabalin ƙarami da dare.

AbuSadiq_Samaru: Alhamdulillah da aka gano.

Baban_Khalifa: Ni abin da ban gane ba, in metfomin ne ya jawo, don me za a ce ya ci gaba da sha? A canza masa mana.

Injiniya_Kwangila: Ni ma tambayar da ke raina ke nan. Ni da ni ne zan nemi a mayar da ni wani.

Dakta_Gyallesu: Ƙasa da 200 ana ɗaukarsa rashi ne, tsakanin 200 da 300 kuma ana kokwanto a ƙara bincike, to 148 babu jayayya. Kar jinin da bai yi ƙasa ba ya rikita ki, jijiya tana iya lalacewa tun kafin ƙarancin jini ya bayyana, musamman ga mai cin ganye da wake ko mai shan folik asid, domin folik na gyara jinin ya bar jijiya tana ci gaba da lalacewa.

Batun metfomin, shi ne ya riƙe masa suga a 7.1, ga araha, kuma ba ya faɗar da suga ƙasa kamar wasu. Allura ba ta bi ta hanji, don haka metfomin ba zai tare ta ba. Shi ya sa yawanci ake barinsa a cike gurbin bitamin. In ƙoda ta ƙara ja baya a nan ne za a rage shi, in awon aikin ƙoda na eGFR ya sauka ƙasa da 30 a tsayar. Akwai likitocin da bayan allurar farko suke mayar da mutum kan ƙwayar B12 mai 1000 kullum, ita ma tana aiki ga da yawa. Wanda ke tangaɗi irin Baba dai allura ake fara masa.

Amma Malama kar ki sa rai gobe zai miƙe garau. Ƙarfin jiki kan dawo cikin makonni, jijiya kuwa watanni take ɗauka, 6 har zuwa shekara, kuma abin da ya daɗe da lalacewa ba lallai ya dawo duka ba. Yana yiwuwa kuma abu biyu ne a tare, rashin B12 a kan lalacewar suga. Sai an ga inda ya tsaya bayan watannin nan za a san rabon kowanne. Kuma a gyara masa maganar nama. Ba a hana mai suga nama da kifi da ƙwai ba, a niƙa ko a dafa ya yi laushi saboda haƙoran.

MaiKemis_PZ: Ga shi dai firegabalin ɗin da na faɗa aka ba shi. Amma amitiriftilin ya fi araha nesa ba kusa ba, me ya sa ba a ba shi ba?

Dakta_Gyallesu: Yana aiki ƙwarai, 10 zuwa 25 da dare. Sai dai ga dattijo mai tangaɗi yana ƙara jiri in ya miƙe, yana busar da baki, yana iya riƙe fitsari ga mai kumburin mafitsara irin ta maza, ga kuma masu ciwon zuciya da hawan jinin ido. Firegabalin ma na sa jiri da barci, shi ya sa aka fara da ƙarami, kuma ana daidaita shi da ƙoda. Duk cikinsu babu mai gyara jijiya, raɗaɗi kawai suke ragewa, in ya ragu da rabi ma an ci nasara. Abin da nake roƙo a shaguna shi ne a daina ba irin waɗannan daikulofenak da tiramol. Na farkon ba ya taɓa ciwon jijiya, ƙoda da ciki yake ci, ga Baba da olsa. Na biyun kun san halin da ya jefa mutane.

Nas_Talatu: Ummu Haidar kafin jijiyar ta farfaɗo, ƙafar tana hannunki. Kowace rana da haske ki duba tafin da tsakanin yatsu, ko ki sa jikoki. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Bayan alwala ya goge tsakanin yatsu ya bushe. Faso in ya fara a shafa basilin a dunduniya, ban da tsakanin yatsu, kuma ba reza ba dutsen goge kaushi da ƙarfi. Ranar Juma'a in zafi ya shigo kar ya taka siminti ko kwalta ba takalmi, ya riƙe takalminsa har bakin shimfiɗa. A sa masa fitila a hanyar banɗaki, ya riƙe tocila da asuba.

Ummu_Haidar: In sha Allahu Anti. Yau kwana 10 da fara allurar, ya ce kasalar ta ragu kuma yana samun barci, amma sagewar na nan yadda take. Raɗaɗin ma jiya ya ce kamar ya ƙaru a yatsu.

Dakta_Gyallesu: Yakan faru a farkon magani. In ya wuce yadda zai iya jurewa ko ƙafa ta fara rauni, ku koma kafin ranar da aka ba ku.

Auwal_Wusasa: Dakta ni tawa tambayar, wata 2 da suka wuce aka gano sugana, HbA1c 13, aka ɗora ni kan insulin. Yanzu suga ya sauko sosai amma ƙafata da cinyoyina sun kama wuta, abin da ban taɓa ji ba lokacin da sugan ke sama. Ban taɓa shan metfomin ba. Insulin ɗin ne bai karɓe ni ba? Ina tunanin ajiye shi.

Dakta_Gyallesu: Kar ka ajiye. Akwai raɗaɗin jijiya da ke tasowa in suga mai tsananin hawa ya sauko da sauri cikin 'yan makonni, ko da wane magani aka saukar da shi, kuma yawanci yana lafawa cikin watanni. Amma likitanka ne zai tantance ko shi ne, ya duba saurin da ake saukar da sugan, ya ba ka abin rage zafi. In ka miƙe tsaye kana jin jiri, ko zuciya na bugawa da sauri? Kuma nawa kake samu da safe yanzu?

Auwal_Wusasa: Jirin akwai, musamman in na taso daga sujada. Da safe 95 zuwa 105. Asibitin sai ranar Talata suka ba ni.

Nas_Talatu: Kar ka jira Talata Auwal, ka je gobe ka ce a auna maka hawan jini a kwance da kuma a tsaye. Ka tafi da littafin da kake rubuta sugan.

Injiniya_Kwangila: Malam Danmagaji fa, akwai wanda ya ji daga gare shi? Tun ranar bai sake magana ba.